“Rajista Za Ta Rufe Daren Yau”: Yadda Ake Tallar Taron Bita na Kuɗi

Duk mai waya a hannu ya saba da irin wannan saƙo. Hoto ne na wata baiwar Allah sanye da safar hannu tana riƙe da kek, ko wani matashi a gaban kwamfuta, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa za a koyar da sana'a cikin kwana biyu, kuma gurabe sun kusa ƙarewa. Bayan kwana uku saƙon ya dawo da sabon lissafi: saura kwana biyar. Ranar ƙarshe kuwa sai ya riƙa zuwa safe da rana da dare, har mutum ya rasa ko ya biya ne ko ya toshe lambar.

Masu shirya irin wannan bita sun yawaita a Kano da Kaduna da Zariya, haka ma a Maraɗi da Damagaram. Ana koyar da haɗa sabulu da turaren wuta, da ɗinkin zamani, da gyaran waya, da ɗaukar hoto, da tallar kaya a intanet. Mafi yawansu ba su da kuɗin sayen fili a gidan rediyo, don haka tallarsu ba ta wuce WhatsApp da Facebook da Instagram ba. Abin da ke raba wanda ɗakinsa ya cika da wanda ya biya kuɗin haya daga aljihunsa sau da yawa yana cikin 'yan layukan nan da ake rubutawa a ƙasan hoto, da kuma ranar da aka tsayar don rufe rajista.

Akwai dalilin da ya sa ake tsayar da ranar. A shekarar 2010 wasu masu bincike biyu a Amurka, Suzanne Shu da Ayelet Gneezy, sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da takardun kyauta na zuwa shagon kayan maƙulashe. Wasu an ba su takardar da za ta daina aiki bayan mako uku, wasu kuma wadda za ta kai wata biyu. Hankali zai ce masu wata biyu ne za su fi zuwa, tunda sun fi samun sarari. Amma kashi 31 cikin ɗari na masu mako uku sun je sun karɓi rabonsu, alhali a cikin masu wata biyu kashi 6 kacal suka je. Kyauta ce fa, kuma abin daɗi. Idan mutum yana iya jinkirta cin kek na banza har lokaci ya ƙure masa, ba abin mamaki ba ne ya jinkirta fitar da naira dubu ashirin da biyar daga asusunsa. Mai cewa “zan duba” yawanci ba ƙarya yake yi ba. Niyyar tana nan, sai dai babu abin da ya sa lallai yau ce ranar, gobe ma haka.

To amma ranar rufewa ba a tsintar ta a iska. Bari a ɗauki misali guda a bi shi daki-daki. A ƙaddara wata mai sana'ar kek a Kano ce ta shirya bitar kwana biyu, Asabar 8 da Lahadi 9 ga wata. Tana da murhun gashi huɗu, kowane tebur zai ɗauki mutum shida, gurabe 24 ke nan. Akwai kuɗin da za ta kashe ko mutum ɗaya ne ya zo: hayar ɗakin taro naira 100,000, man janareta 40,000, mataimaka 30,000, talla 30,000, jimilla 200,000. Sannan kowace ɗaliba za ta ci naira 10,000 a fulawa da sukari da bota da ƙwai da abincin rana. Idan kuɗin shiga 25,000 ne, abin da ke saura a kan kowane kai shi ne 15,000, wato sai mutum 14 sun biya kafin ta mayar da uwar kuɗinta.

Wannan lissafi shi ne ke haifar da ranar rufewa. Kayan aiki sai ta shiga Kasuwar Singa ranar Alhamis ta sayo su daidai yawan mutanen da suka biya. Juma'a rana ce guntuwa, kuma a ranar za ta auna kaya ta raba su tebur-tebur. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka dole rajista ta rufe ranar Laraba 5 ga wata da ƙarfe tara na dare. Ranar tana da wani alheri kuma: ta faɗo bayan ƙarshen wata, lokacin da albashi ya shiga hannun ma'aikata da mazajen da za su biya wa matansu. Da ta saka rufewar a ranar 24 ga wata, da ta haɗu da mutane masu so amma aljihu ya bushe.

Abin da masu talla da yawa ba sa yi shi ne faɗin wannan dalili a fili. Layi ɗaya ya isa: “Za mu rufe ranar Laraba saboda ranar Alhamis za mu sayo kayan kowa.” Mai karatu ya san kasuwa, ya san ba a sayen ƙwai a kan zato, nan take zai yarda cewa ranar ta gaske ce.

Saƙon farko shi ne ya fi ɗaukar nauyi, kuma shi aka fi lalatawa. An saba farawa da doguwar sallama, da “ina ma'abota son ci gaba”, da “dama ta samu”, sai can ƙasa a ambaci abin da za a koyar. Matsalar ita ce Instagram yana nuna kusan haruffa 125 ne kawai na farkon rubutu, sauran sai mutum ya taɓa kalmar more kafin ya gani. Facebook ma yana yanke dogon rubutu. Wanda ke gungura waya da babban yatsa ba zai taɓa ba sai layin farko ya riƙe shi. Don haka mai kek ɗin nan za ta fi cin riba idan ta fara da abin da ɗaliba za ta fita da shi:

“Cikin kwana biyu za ki gasa kek ɗin biki mai hawa biyu da hannunki, ki kuma koyi yadda ake yi masa farashi. Asabar 8 da Lahadi 9 ga wata, ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, a unguwar Tarauni, Kano. Mata zalla, gurabe 24. Kuɗin shiga naira 25,000, har da kayan aiki da abincin rana. Rajista za ta rufe Laraba 5 ga wata, ƙarfe 9 na dare.”

Babu wata kwalliya a ciki, amma ya amsa tambayoyin da mace za ta yi kafin ta nemi izini a gida: me za a koya, yaushe, a ina, su wa za su halarta, nawa ne, me kuɗin ya ƙunsa. Lokacin tashi yana da muhimmanci a nan fiye da yadda ake zato, domin wadda za ta taso daga Kurna ko Hotoro tana son sanin ko za ta isa gida kafin magariba. “Mata zalla” kuwa kalmomi biyu ne da ke iya sauya amsar maigida.

Batun ɓoye farashi ya cancanci a tsaya a kansa. Wasu suna rubuta “a tuntuɓe mu don jin farashi”, da tunanin cewa idan mutum ya shigo hira za a iya shawo kansa. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne wayar mai bita ta cika da “nawa ne?” daga mutanen da ko rabin kuɗin ba su da niyyar biya, ta ɓata yini tana amsa tambaya guda, yayin da mai kuɗin a hannu, wadda ke jin nauyin tambaya, ta wuce abinta. A ra'ayin mai wannan rubutu, ɓoye farashin bitar dubu ashirin da biyar asara ce tsantsa.

Sai hanyar biya. A rubutun ƙasan hoto na Instagram, adireshin intanet ba ya taɓuwa, dole a ajiye shi a shafin bayanin mai asusu ko a cikin Story. A WhatsApp kuwa akwai gajeren adireshi da ke buɗe hira kai tsaye ba sai an adana lamba ba. Ana rubuta lambar ƙasa, 234 a Najeriya ko 227 a Nijar, a cire sifirin farko na lambar Najeriya, kada a sa alamar tarawa:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Ina%20son%20gurbi
```

Duk wadda ta taɓa shi, saƙon “Ina son gurbi” zai fito mata a shirye, turawa kawai za ta yi. Ƙaramin abu ne, amma kowane mataki da aka rage tsakanin sha'awa da biya yana ceto wasu da za su ɓace a hanya.

Rangwamen masu riga biya dabara ce mai kyau, sai dai tana da tsada. Idan mai kek ta ce mutum goma na farko za su biya 20,000, ribar kowane kai a cikinsu ta sauko zuwa 10,000. Goman za su kawo 100,000, saura 100,000 kuma sai an samu mutum bakwai masu biyan cikakken kuɗi. Wato mayar da uwar kuɗi ya tashi daga mutum 14 zuwa 17. Idan ɗaki ya cika, ribarta 110,000 ce maimakon 160,000. Abin da ta saya da wannan dubu hamsin shi ne kuɗin da za ta ba mai ɗakin taro kafin alƙalami tun makon farko, da kuma ikon faɗin gaskiya cewa mutum goma sun riga sun biya. Ga wadda sunanta bai karaɗe gari ba, cinikin ya yi. Wadda ɗakinta ke cika kowane zagaye ba ta da bukatarsa.

Tsakanin sanarwar farko da ranar rufewa akwai kamar mako biyu, kuma a nan ne yawancin tallace-tallace ke mutuwa. Mai bita za ta riƙa ɗora hoto guda a Status kowace safiya, tunda abin da aka ɗora yana gogewa bayan awa 24. Kwana uku ido ya saba da shi, ya daina ganinsa. Tunatarwa mai aiki ita ce wadda ke zuwa da sabon abu kowane karo, kuma ba sai an wahala wajen neman sabon abin ba, yana cikin tambayoyin da mutane ke turowa. Idan mata uku sun tambaya ko wadda ba ta taɓa kunna murhun gashi ba za ta iya, to wasu talatin suna da wannan shakka ba su furta ba, sai a yi saƙo guda a kanta. Idan an tambayi ko za a iya zuwa da goyo, a amsa a fili. Wata rana a ɗora gajeren bidiyo na yadda ake shafe gefen kek ya yi sumul, gani ya kori ji. Wata rana a nuna aikin tsohuwar ɗaliba, bayan an nemi yardarta. A ƙasan kowanne a maimaita layi guda ba tare da sauyi ba: rana, sa'a, da adadin guraben da suka rage.

Saƙon murya ma yana da nasa gurbi, domin cikin masu son koyon sana'a akwai waɗanda sauraro ya fi musu sauƙi a kan karanta dogon rubutun boko.

Akwai wani tarko a WhatsApp da ke yaudarar masu talla. Jerin aikawa na Broadcast yana ɗaukar lamba 256, amma saƙon yana isa ne ga waɗanda suka adana lambar mai aikawa kaɗai. Haka Status, sai ɓangarorin biyu sun adana lambar juna. Mutum zai tara lambobi ɗari biyu daga wani taro, ya aika, ya zauna jiran alat, alhali mutum ashirin ne suka gani. Ana gane hakan da duba bayanin saƙon, a ga nawa ne ya isa gare su. Maganinsa shi ne duk wadda ta yi tambaya a roƙe ta ta adana lambar tun a hirar farko. Jefa mutane cikin zauren hira ba da izininsu ba kuwa hanya ce ta jawo toshewa da ƙorafi, kuma lambar da aka yawaita kai ƙararta WhatsApp na iya dakatar da ita, wataƙila ana saura kwana biyu a rufe rajista.

Ranar ƙarshe ita ce ranar girbi, kuma masu wannan harka sun san cewa kaso mai tsoka na kuɗin yakan shigo ne a cikinta. A ƙaddara mai kek ta wayi gari ranar Laraba da mutum 18 da suka biya, saura gurabe shida. Saƙo uku sun wadatar. Na safe ya faɗi halin da ake ciki: “Yau Laraba ce ranar ƙarshe. Mutum 18 sun biya, saura gurabe 6. Ƙarfe 9 na dare za mu rufe.” Na bayan la'asar ya kawo sabon adadi, ya sake jero abin da kuɗin ya ƙunsa saboda wadda yau ta fara ganin tallar. Na bayan isha'i ya zama layi biyu, da lambar asusu a ciki, don kada kowa ya koma baya yana lalube.

Amma aikin da ya fi kawo kuɗi a ranar ba a Status yake ba. Yana cikin jerin waɗanda suka taɓa tambaya ba su biya ba. Manhajar WhatsApp Business tana ba da damar liƙa wa kowace hira alama, don haka mai tsari tun farko ta ware “ta tambaya”, “ta yi alkawari”, “ta biya”. Ranar Laraba da hantsi sai ta bi rukuni biyun farko ɗaya bayan ɗaya, da suna, da girmamawar da ta dace: “Hajiya, barka da hantsi. Ranar Litinin kin tambaya ko za a iya zuwa da goyo. Za a iya. Yau da tara na dare za mu rufe, in riƙe miki gurbi?” Tambaya ce da ake amsawa da e ko a'a. Wadda ta ce a'a a yi mata godiya a ƙyale ta, ita ce ɗalibar zagaye na gaba. Waɗanda suka riga suka biya kuma a cire su daga jerin tunatarwa, domin babu abin da ke sa mutum shakka kamar a ci gaba da roƙonsa kuɗin da ya riga ya tura.

Gaggawar daren ƙarshe tana da nata haɗari. A cikinta ne masu alat na bogi ke shigowa, su turo hoton rasit da aka ƙirƙira suna matsa a rubuta sunansu kafin tara. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin sun zauna kafin a ba da gurbi. A ɗaya ɓangaren, tura kuɗi tsakanin bankuna yakan maƙale, don haka adalci shi ne a sanar tun farko cewa wadda rasit ɗinta ya nuna ta tura kafin tara za a riƙe mata gurbi har zuwa safiyar Alhamis a tabbatar.

Sai babbar jarrabawa, wadda ke zuwa da ƙarfe tara da minti ɗaya. Gurabe biyu sun rage, zuciya tana raɗa wa mai bita ta rubuta “saboda yawan roƙo mun ƙara kwana biyu”. Kowa ya san wannan jimla, kowa kuma ya san fassararta: ɗaki bai cika ba. Naira 30,000 ce ribar guraben biyu. Abin da za a rasa ya fi haka, domin matan da suka yi rance ko suka katse wata hidima don su biya kafin tara za su gane cewa an ruɗe su, kuma a zagaye na gaba babu wadda za ta motsa sai ta ga an ƙara wa'adi. Idan da dalili na gaske, kamar an samu ƙarin murhu ko wasu biyu sun janye, a faɗe shi yadda yake. In babu, a rufe, a sanar cewa an rufe, a buɗe jerin masu jiran zagaye na gaba. Mai amfani da Google Forms sai ta kashe karɓar amsa a daidai lokacin.

Ƙaryar “saura gurbi biyu” ba ƙaramin abu ba ce a idon hukuma ma. A watan Fabrairun 2019 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta sa manyan shafukan kama ɗakin otal, ciki har da Booking.com da Expedia da Agoda, suka ɗauki alkawarin daina saƙonnin matsin lamba da ke ba da hoton ƙarya game da ƙarancin ɗakuna. A Najeriya, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta yi wa mai saye bayanin ƙarya ko mai ɓatarwa a kan kaya ko hidima. Da wuya hukuma ta bi ta kan bitar mutum 24 a Tarauni, amma ɗaliban da suka shigo suka tarar da kujeru goma babu kowa bayan an ce musu saura biyu za su kai labarin gidajen biki da suna, inda mai bitar ke samun yawancin ɗalibanta.

Ga mai karatu da ke ɗaya gefen, wanda saƙon “daren yau za a rufe” ya iske shi da kuɗi a hannu, akwai abin dubawa kafin ya tura. Ya ga ko an faɗi wurin taron da sunan mai koyarwa, ko sunan da ke kan asusun banki ya yi daidai da na mai bitar ko kasuwancinta, ko an bayyana abin da zai faru da kuɗinsa idan aka ɗage taron. Ya gungura baya a shafin ya ga ko “ranar ƙarshe” ta makon jiya ma an yi ta. Mai bita ta gaskiya za ta amsa waɗannan tambayoyi cikin minti biyar ko da ƙarfe takwas da rabi ne na daren rufewa. Wadda ta amsa da “ki dai turo kafin a rufe” kuwa, a bar ta ta rufe.